Tara a Hannun Guntuwa

Duk wanda ya taɓa kai matarsa haihuwa ƙaramin asibitin nan na bayan tasha ya san Guntuwa. In bai ga fuskarta ba, to ya ji muryarta, don tana fitowa ta tagar ɗakin haihuwa har bakin get, inda maza ke tsaye suna zarya kamar su ke naƙudar. Ungozoma ce. Tsawo kam Allah bai ba ta ba. Ita da kanta takan ce ranar da ake rabo tana ɗakin haihuwa, shi ya sa ta makara. Abin da aka rage mata a tsawo aka zuba mata a hannu. Hannu ne ɗan ƙarami, siriri, mai shiga inda na wasu ba ya shiga.

'Yar mai wankin asibiti ce. A gindin igiyar shanyar zanin gado ta girma, tana leƙen ma'aikatan jinya da fararen kayansu, har ta ci jarrabawa ta shiga makarantar ungozoma. Ta auri wani tela mai surutun tsiya, wanda ke cewa shi da matarsa sana'arsu ɗaya, yanka da ɗinki, sai dai nata kwastomomin sun fi nasa ihu. 'Ya'yansu sun girma sun watse. Ita ta fi shekara ashirin a ɗakin nan guda: gadaje huɗu, labulen roba kore, famfo mai tari kafin ya ba da ruwa, da fankar da ke juyawa kamar ana roƙonta.

Akwai wani tsari a ɗakin da ba wanda ya rubuta shi, ba kuma wanda ya kafa shi. Mace ta zo lafiya, naƙuda na tafiya daidai, wadda ke kusa ta karɓa. Amma in aka shigo da mace ranga-ranga, ta kwana biyu tana fama a gida, ko tana jijjiga, ko jini ya ɓalle, ko jariri ya zo a gicciye, sai ka ji an ɗaga murya: "A kira Guntuwa!" Ko tana hutu aikawa ake yi gidanta, don ba nisa. Ƙananan ungozomomin ba ragwaye ba ne, tsoro suke ji, kuma mai hankali ne ke jin tsoron irin wannan. Ita ma ba ta taɓa cewa a'a ba. Har wani daɗi take ji a ranta, in za a faɗi gaskiya.

Ana nan sai hukumar asibiti ta kawo wani matashi mai tattara alƙaluma. Yaro ne natsattse, ba ruwansa da kowa, gilashinsa kamar gindin kwalba. Ma'aikata suka laƙaba masa Kashi-Nawa, don ko gaisuwa ka yi masa ka ce yaya gida, kamar zai tambaye ka kashi nawa cikin ɗari kake nufi. Ba mugu ba ne. Aka ce ya ƙirga, ya ƙirga. A shekarar da ta wuce ɗakin haihuwa ya rasa jarirai goma sha huɗu, tara daga ciki a hannun Guntuwa. Ungozomomi biyar ne, kuma haihuwar da take karɓa ba ta fi ta kowace yawa ba. Ya sake lissafin, ya sake, ko zai canza. Bai canza ba. Ya kai wa shugaban asibiti jikinsa a sanyaye.

Da safe aka kira ta ofis. Shugaban bai iya kallon idonta ba, biro yake ta murɗawa.

"Ki ɗan huta a gida tukuna," ya ce, "kafin kwamiti ya zauna."

"Ranka ya daɗe, na ce na gaji ne?"

"Ba ke kika ce ba. Lissafi ne ya ce."

Ya faɗa mata lissafin. Tara. Ta san kowannensu. Ta san wanda ya fito cibiya naɗe a wuya, ta san tagwayen da guda ya tsira, ta san wanda uwarsa ta riƙe mata wuyan hannu tana cewa Anti kar ki bari. Amma ba ta taɓa jera su wuri guda ba. Yau an jera mata su, sai ta ga kamar suna kwance a kan teburin shugaban, tsakanin biro da kofin shayi. In kwamiti ya yarda da maganar, za a miƙa ta ga hukumar da ke ba da lasisi, a ƙwace takardarta. Wasu ma na cewa abin ka iya kaiwa ga 'yan sanda.

Magana ba ta da ƙafa amma ta fi mai keke sauri. Kafin ta isa gida labari ya riga ta, kuma ya yi ƙiba a hanya. Tara ta zama talatin. Mai shagon bakin layi, wanda ita ta karɓi 'ya'yansa uku, ya ajiye mata sabulu a kan kanta maimakon ya miƙa mata a hannu. Wata maƙwabciya mai tsohon ciki ta hango ta tafe ta juya da sauri, cikin yana gaba tana binsa. Da rana tsaka wani ya wurgo dutse kan kwanon ɗakinsu, Guntuwa ta ƙame a tsakar gida da bokiti a hannu, tana jiran na biyu.

"Yara ne," in ji tela. "Ko kuma tsuntsu ya yi kashi mai ƙarfi."

"Malam, ba na son wasa."

"To in daina wasa in yi me? Kuka? Kin san kukana ba kyau."

Amma shi ma ya dawo da keken ɗinkinsa gida, ya dasa shi a zaure inda yake ganin ƙofa.

Abin da ya fi dutsen tsorata ta, hannayenta ne. Takan zauna ta shimfiɗa su a kan cinya tana kallo. In da gaske ne fa? In akwai wani abu da take yi ba daidai ba, wani ja, wani jinkiri, da ta saba da shi shekara da shekaru har ba ta ganinsa? Mutum ba ya jin warin ɗakinsa. Da aka kawo jikarta jaririya, ta ƙi ɗaukarta, ta ce mura take yi.

Makonni suka shuɗe. Rannan da la'asar wata ƙaramar ungozoma, wadda suke kira Auta don ita ce ƙarama a ɗakin, ta zo gaishe ta. Ta zauna a bakin kujera tana ta murza gefen mayafi, ta yi zancen zafi, ta yi zancen famfo, har Guntuwa ta gaji.

"Ke, in za ki haihu ki haihu. Me ke bakinki?"

"Anti, Kashi-Nawa ya sake lissafi." Ta sunkuyar da kai. "Wai tun da kika tafi ba a rasa jariri ko ɗaya ba a ɗakinmu."

Keken tela ya tsaya cak a zaure. Guntuwa ta buɗe baki ta ce alhamdulillahi, don abin da ya kamata a ce ke nan, jarirai sun rayu. Ashe gaskiya ne. An cire ta, mutuwa ta tsaya. Wace shaida kuma ake nema? Auta kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ga fuskar Anti, ta haɗiye, ta yi sallama.

"Ina ganin zan rubuta musu in ajiye aikin," Guntuwa ta ce wa mijinta.

"Ki bari a yanke miki hukunci tukuna, ƙanwata. Wa ya taɓa ɗinka wa kansa likkafani don ya ji tari?"

Ranar zaman kwamiti ta sa fararen kayanta, ta cire, ta sake sawa. Ɗakin taron yana saman ɗakin magani, dogon tebur, kujerun roba, taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motoci. Tela ya rako ta har ƙofa, aka ce iyakarsa nan; ya zauna a benci yana cewa dama shi ba a taɓa gayyatarsa wurin da ake shan ruwan gora ba.

Wadda za ta jagoranci zaman wata tsohuwar likitar yara ce da aka aro daga babban asibiti. Ɗalibanta na kiranta Sai-Me a bayan idonta, don duk abin da ka faɗa mata, komai kyansa, sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "To, sai me?" Ba ta san Guntuwa ba, ba ta kuma nuna tana son saninta ba.

Kashi-Nawa ya miƙe ya yi bayaninsa. Hujja biyu gare shi. Ta farko, tara cikin sha huɗu, alhali rabonta na haihuwa bai wuce na sauran ba. Ta biyu, an janye ta, mutuwa ta ɗauke. Shugaban asibiti na gyaɗa kai. Guntuwa ma, Allah ya sani, saura kaɗan ta gyaɗa.

"Lissafinka daidai ne, na bi shi," in ji likitar. "To, sai me?"

"Sai... ai ya nuna matsalar daga wurinta take, likita."

"Ya nuna mutuwa da ita suna yawan haɗuwa a ɗaki guda. Wa ke haɗa su, shi ne ban ji ba. Ɗana, a sashenmu akwai wani gado kusa da teburin ma'aikatan jinya. Yaran da suka mutu a kansa sun fi na kowane gado. Mu ƙona shi?"

Kashi-Nawa ya gyara gilashi. "Sai an san waɗanne yara ake kwantarwa a kai."

"Waɗanda suka fi jin jiki, don ido ya kasance a kansu. To a nan wa ke raba mata masu naƙuda? Ƙuri'a ake yi? Bi da bi ne?"

Shugaban ya ce ai duk wadda ke bakin aiki ita ke karɓa. Likitar ta ce a shigo da Auta, wadda ke jira a waje don ba da shaida. Yarinyar ta shigo kamar za a yi mata allura.

"'Yata, mace ta zo muku tana jijjiga, jariri ya gaji. Wa ke karɓa?"

"Anti."

"In ba ta bakin aiki fa?"

"Aikawa muke yi gida."

"Wadda ta zo lafiya lau, tana ma hira?"

"Wannan ko ni." Ta ɗan yi murmushi, ta tuna inda take, ta mayar da shi.

Likitar ta juya ga Kashi-Nawa. "Ka ji. Ka auna mai karɓar masu wuya da masu karɓar masu sauƙi, ka ce hannunta ya fi kisa. Wuyar haihuwar ce ke kawo ta gadon, wuyar ce kuma ke iya kashe jariri ko a hannun wa yake. Da wannan lissafin, wadda ta fi kowa ƙwarewa da wadda ta fi kowa ɓarna fuska ɗaya za su nuna maka. Ba ya iya raba su."

Amma matashin bai zauna ba.

"Na yarda da wannan, likita. Amma ta biyun fa? Masu wuyar ai ba su daina zuwa ba don tana gida. An cire ta, ba a cire komai ba sai ita, kuma ba a rasa ko ɗaya ba."

Guntuwa ta ɓoye hannayenta a ƙarƙashin tebur.

"Wannan ta fi ta farko ƙarfi," in ji likitar a hankali. "In da gaske ita kaɗai aka cire. Ko da yake makonni kaɗan ne. Ɗakin da ke rasa sha huɗu a shekara yana iya yin wata guda bai rasa kowa ba, ba don komai ba. Amma bari mu ji. 'Yata, tun da Antinku ta tafi, masu wuya nawa kuka karɓa?"

Auta ta kalli shugaban asibiti, ta kalli ƙasa.

"Ni na tambaye ki, ba shi ba."

"Ba ma karɓa, likita."

"Ba sa zuwa?"

"Suna zuwa. Muna dubawa, in muka ga abin ya fi ƙarfinmu, mu sa mata ruwa, mu sa ta a mota zuwa babban asibiti. Direba ma har ya fara ƙorafi, wai tayoyinsa sun suɗe."

"Suna isa lafiya?"

Auta ta ce, "Wasu. Akwai wadda ta haihu a mota kafin gada. Jaririn bai zo da rai ba. Akwai kuma wata da muka ji daga baya ita ma ta rasa nata."

Kashi-Nawa ya zauna a hankali kamar an zare masa laka. "Ba sa cikin lissafina," ya ce. "Ba a ɗakin suka mutu ba."

Ba wanda ya yi murna. Guntuwa ta rufe ido. Da ta zaci in aka karya hujjar za ta ji sanyi, sai ga shi abin da ya karya ta jarirai biyu ne da ba ta ma gansu ba.

Shugaban ya yi gyaran murya, fuskarsa ta washe kamar ba shi ke gyaɗa kai ɗazu ba. "To ai shi ke nan. Ga shi ta tafi an rasa biyu. Wannan ya nuna ita ke cetonsu, ba ta da laifi."

"Ranka ya daɗe, ramin da muka fito da yaron nan yanzu kake son faɗawa ta ɗaya gefen," in ji likitar. "Wa ya ce maka da tana nan da sun rayu? Ba mu sani ba. Abin da muka gano yau guda ne: hujjojin nan biyu ba su nuna hannunta na kisa ba. Ba su kuma nuna ba ya yi ba." Ta dubi Guntuwa kai tsaye, karo na farko. "Baiwar Allah, ban wanke ki ba. Kin ji ni?"

"Na ji, likita." Muryar da ke kaiwa bakin get yau da ƙyar ta tsallaka tebur.

"Za mu ɗebo bayanan duk haihuwa mai wuya ta shekarar, naki da na wasu, har da na wani asibiti irin wannan. A rufe sunayen ungozomomi, a ba likitoci biyu da ba su san ku ba su karanta, su ce a nan an yi daidai, a nan an yi kuskure. Mai jijjiga da mai jijjiga za a auna, mai gicciye da mai gicciye. Ɗana, kai za ka haɗa, tunda ka iya ƙirga kuma ba ka jin kunyar cewa ka yi kuskure. Akwai kuma tambayar da ke damuna: cikin taran nan, ko akwai wadda ya kamata ki sa a mota tun da wuri, kika riƙe don kin yarda da hannunki?"

Guntuwa ta so ta ce babu. Ta tuna uwar da ta riƙe mata wuyan hannu, da yadda ta tsaya tana cewa bari mu ƙara gwadawa.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ni ma haka. Shi ya sa za a duba. Kafin nan ba ni da dalilin miƙa ki ga hukuma, ba ni kuma da dalilin zaunar da ke a gida. Ki koma aiki gobe."

Da ta fito, tela ya miƙe yana neman amsa a fuskarta, bai samu ba.

"An kama ki ko an sake ki?"

"An ce ba a sani ba."

"Duk wannan ruwan gorar da suka sha?" Ya karɓi jakarta. "To ai gara ba a sani ba da an sani ba daidai ba. Mu je, na bar wandon mutane ƙafa ɗaya."

Washegari ta shiga ɗakin haihuwa kamar baƙuwa. Wata mai ciki da ke jiran awo a baranda ta gan ta, ta raɗa wa 'yar'uwarta wani abu, suka tattara suka koma can ƙarshen benci. Hukuncin kwamiti bai iso baranda ba tukuna, wataƙila ma ba zai iso ba. Ta wanke hannu, ta sake wankewa, ta tsaya tana gyara kayan aikin da ba su buƙatar gyara.

Wajen hantsi aka shigo da wata a kan keken marasa lafiya, mijinta na biye yana salati. Auta ta ɗaga zani ta duba, ta ɗago fuska ba jini.

"Anti, ta ƙafa ya zo. In kira direba?"

Guntuwa ta matso ta duba da kanta. Ƙafafu biyu sun riga sun fito, har ɗuwawu ya biyo. Babban asibiti da nisa, kuma akwai gada a tsakani. Ta ji taran nan tsaye a bayanta, da likitoci biyun da ba ta sani ba, waɗanda wata rana za su karanta abin da za ta yi yanzu.

"Kira shi ya tayar da mota ya jira, ko don uwar. A faɗa wa likitanmu ma ya zo. Amma wannan ba zai kai gada ba." Ta miƙa hannu. "Ba ni safar hannu, ƙarama." Ta juya ga mai naƙudar. "Ke kuma ƙanwata, dube ni nan. In na ce yunƙura, ki yunƙura."